Babi na Shida: Miliyan a hannu, bashi a wuya

Gawayin da ake haƙowa a Anu Araren ba ya tafiya da nisa. A nan kusa ake ƙona shi, a tashar lantarki ta kamfanin SONICHAR, wanda aka kafa a 1975, sai wutar ta hau waya ta nufi Arlit da Akokan da Cirozerin da Agadas. Tun farkon shekarun 1980 da injunan suka fara juyawa, manyan masu sayen wutar sun kasance kamfanonin uraniyum guda biyu, SOMAÏR da COMINAK. Ke nan albashin makanikin da ke gyaran motocin gawayi a Anu Araren yana rataye da kasuwar wani dutse da ake haƙa a can arewa, ake sayarwa a ƙetaren teku.

Bankuna suna son irin wannan ma'aikaci. Albashinsa yana faɗawa asusunsa duk ƙarshen wata, banki ya cire nasa tun kafin mai kuɗin ya ga ƙwandala. Shi ya sa samun bashin gina gida a Agadas, ko na sayen mota, ko na aurar da ƴa, bai cika yi wa mai albashin kamfani wuya ba. Wuyar tana zuwa daga baya, ranar da wani kuɗi ya shigo hannu: ladan ƙarshen shekara, ko kwasar adashi, ko kason gado. Abokai su ce a juya kuɗin. Uwargida ta ce a rage bashin a huta. Kowa da gaskiyarsa, amma ba a raba wannan gardama da baki, sai da alƙalami.

A ɗauki wani makaniki, misali kawai. Ya karɓi sefa miliyan 3 daga banki, zai biya cikin wata 48. Takardar yarjejeniya ta ce ruwa kashi 10 cikin 100 a shekara. Adadin bai fita daga abin da aka saba ba, domin a ƙididdigar babban bankin BCEAO matsakaicin ruwan bashi a Nijar yakan tsaya tsakanin kashi 8 da 10, yana cikin mafi tsada a ƙasashe takwas masu cin sefa ɗaya. Sai dai kashi 10 ɗin ba shi ne abin da ke fita daga aljihunsa ba. Gwamnati tana ɗora haraji a kan ruwan banki, wanda ya kusa ɗaya bisa biyar na ruwan, don haka goma ta koma kusan goma sha biyu. A yi lissafi da kashi 12 a shekara, wato kashi 1 kowane wata.

Da wannan, banki zai riƙa cire masa jaka 79 duk wata, wato sefa 79,000. In ya bi jadawalin har ƙarshe zai biya kusan 3,792,000, ruwa da haraji sun ci 792,000.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne jaka 79 ɗin ba iri ɗaya ba ce daga wata zuwa wata. Ruwa yana hawa ne kan abin da ya rage na uwar kuɗi. A watan farko ana binsa miliyan 3 cur, kashi 1 nata jaka 30 ne, sai jaka 49 kawai ta tafi rage bashin. A wata na biyu uwar kuɗin ta ɗan ragu, ruwan ma ya ɗan ragu, haka har ƙarshe. A shekarar farko zai biya ruwa na kusan 326,500. A ta biyu 248,000, a ta uku 159,000, a ta huɗu kuwa bai kai 59,000 ba. Fiye da kashi 40 na dukan ruwan an riga an sha shi a wata goma sha biyun farko. Wasu sukan ce banki ya yi musu wayo ya fara kwashe nasa. Babu wayo a nan. Bashin ne ya fi girma a farko, ruwansa ma dole ya fi yawa. Duk wannan yana rubuce a takardar da banki ke bayarwa ranar sa hannu, mai layi-layi, kowane wata da uwar kuɗinsa da ruwansa da abin da ya rage. Ma'aikata suna ce mata tablo. Galibi tana ƙasan akwati tare da takardun haihuwar yara, alhali ita ce takarda mafi amfani a wannan shawara.

To, shekara ta zagayo. Tablo ya nuna saura 2,378,500, da wata 36 a gaba, da ruwa na 465,500 da bai riga ya hau ba. Makanikin nan kuma yana da miliyan ɗaya a hannu.

Hanya mafi sauƙi ita ce ya bar ta a asusun ajiya. Dokar ƙasashen sefa ta yanke wa wannan asusu ruwa na kashi 3.5 a shekara, har zuwa ajiyar miliyan 10. Bayan shekara uku miliyan ɗinsa za ta zama kusan 1,109,000. A daidai wannan lokaci, a banki guda, wani lokacin ma a hannun ma'aikaci guda, yana biyan kashi 12 a kan wata miliyan ɗin. Ya ba banki aron kuɗinsa da araha, ya karɓo shi da tsada ninki uku da ɗoriya. In ba don tsaron lalura ba, wadda za a zo kanta, wannan zaɓi ba shi da mai kare shi.

Hanya ta biyu ta fi ƙwari. Baitulmalin Nijar yana cin bashi daga jama'a ta hanyar takardun lamuni, kowace ɗaya sefa 10,000, ana sayensu ta hannun banki ko dillalan kasuwar hannun jari irin su SGI Niger da ke Yamai. Wanda aka fitar a 2019, mai ƙarewa a 2026, an sa masa ruwan kashi 6.5 a shekara. A kan miliyan ɗaya, jaka 65 ke nan duk shekara, 195,000 a shekara uku. In yana zuba abin da ya samu a asusun ajiya, zai tashi da kusan 1,202,000.

Yanzu a duba biyan bashin. Ya shiga banki ya ce yana so ya zuba miliyan ɗaya a kan uwar kuɗi. Abu na farko da zai ci karo da shi tara ce, domin yawancin bankuna suna cajin wanda ya biya kafin lokaci, kowane banki da nasa adadi, yana rubuce cikin yarjejeniya da kuma takardar farashin da ake liƙawa a zauren banki. A ce nasa kashi 3 ne na abin da ya zuba, jaka 30. Abu na biyu tambaya ce da ma'aikacin banki zai yi masa, wani lokacin ma ba zai yi ba, shi zai zaɓa masa: a rage abin da ake cirewa duk wata, ko a rage yawan watannin?

In ya ce a rage abin cirewa, watanni 36 suna nan, amma jaka 79 ta sauko zuwa kusan 45,800. Ya samu sararin 33,200 kowane wata. A shekara uku sararin nan ya kai 1,195,700, wato miliyan ɗinsa ta dawo da ƙarin 195,700 na ruwan da ya tsira da shi.

A nan ne mai saurin lissafi yake faɗawa rami. Zai ce takardun gwamnati sun ba da 195,000, biyan bashi ya ba da 195,700, in aka cire tara ma takardun sun yi gaba, ina kashi 12 ɗin da ake ta faɗi? Amsar tana cikin lokaci. Mai takardun gwamnati ya rabu da miliyan ɗinsa gaba ɗaya har shekara uku. Wanda ya rage bashi kuwa tun watan farko kuɗinsa ya fara dawo masa, jaka 33 bayan jaka 33, kafin a kai rabin tafiya fiye da rabi ya dawo. Riba ɗaya suka ci, amma ɗaya ya ci ta ne da kuɗin da ya yi kusan rabin zaman na ɗayan. In makanikin ya riƙa zuba jaka 33 ɗin a asusun ajiya, bayan an cire tara zai tashi da kusan 1,226,000. Ya wuce mai takardu, ko da yake ba da tazara mai yawa ba.

In kuwa ya ce a bar jaka 79 yadda take, a yanke watanni, labari ya sha bamban. Bashin da ya rage 1,378,500 zai ƙare cikin wata 20 maimakon 36, kuma biyan ƙarshen ma ɗan kaɗan ne, jaka 21 da ɗoriya. Ruwan da zai biya ya faɗo daga 465,500 zuwa 144,000. Ya tsira da 321,500, a cire tara, saura 291,500. Daga nan har ƙarshen shekara ta uku jaka 79 ɗin tasa ce, in ya ci gaba da zuba ta a ajiya kamar banki bai daina cira ba, zai tashi da kusan 1,319,000. Dalilin wannan tazara shi ne miliyan ɗin ta daɗe tana aiki da kashi 12, ba ta dawo da wuri ta koma cin kashi 3.5 ba.

Miliyan ɗaya, shekara uku, mutum ɗaya: 1,109,000 a asusun ajiya, 1,202,000 a takardun gwamnati, 1,226,000 in an rage cirewa, 1,319,000 in an yanke watanni. Adadi biyun ƙarshe suna da sharaɗi, kuma sharaɗin ya fi lissafin wuya. Kuɗin da aka samu sarari da shi dole ya shiga ajiya. A garin da kowa ya san ranar albashin kowa, ga ƴan'uwa a daji da dabbobi sun mutu, ga suna ga biki, jaka 33 a wata tana iya narkewa ba a san inda ta shiga ba. Wannan ma wani dalili ne da ya sa yanke watanni ya fi dacewa da yawancin mutane: banki ne ke tilasta musu tarin.

Wani zai ce ai takardun gwamnati sun daina zama na kashi 6.5. Haka ne. Da Nijar ta koma kasuwar lamuni ta yankin a watan Afrilu na 2024, sai da ta yarda da ruwan da ya haura kashi 9 kafin ta samu masu ba ta. Miliyan ɗaya a kan kashi 9.3, ana sabuntawa duk shekara, za ta kai kusan 1,306,000 a shekara uku, dab da abin da yanke watanni ya bayar. Amma a tambayi dalilin da ya sa ruwan ya tashi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 takunkumi ya rufe asusun gwamnati a babban banki, wa'adin biya ya yi ta zuwa yana wucewa wata da watanni, masu takardu suna jira. An biya daga baya, amma wanda ya dogara da wannan kuɗi don ya cika biyan bankinsa ya ji jiki. Ruwan da mutum ya tsira da shi ta hanyar rage bashi ba ya jiran kowa ya cika alkawari. Ranar da aka zuba kuɗin, ranar aka ci ribar. Idan riba biyu sun yi kunnen doki, ɗaya tabbas ɗaya mai sharaɗi, tabbas ɗin ake ɗauka.

Ga mai son juya kuɗi a kasuwa, kashi 12 ɗin nan shi ne ma'auni. Kiwon raguna don Layya, ko sarin albasar lambunan Ayar a kai kudu, ko sayen hatsi da kaka a sayar da bazara, duk suna iya ba da abin da ya ninka haka. Mai sana'ar da ya san ta, yake juya jarinsa sau uku ko huɗu a shekara yana cin kashi 10 kowane zagaye, kuskure ne ya cire jarinsa ya kai banki. Amma makanikin yana bakin aiki daga safe zuwa yamma, wani zai ba amana. Sai ya cire kuɗin dusa da harawa, waɗanda a arewa ba su da araha, ya cire ragon da ya mutu, da kason mai kiwo, da buhunan da suka ruɓe a hanyar Tawa, da shekarar da iyaka ta rufu kaya suka yi kwantai. Abin da ya rage a matsakaicin shekaru masu kyau da marasa kyau, shi za a gwada da jaka 120 a kan miliyan. Mutane sukan tuna shekarar da suka ninka kuɗi, su manta wadda suka dawo da rabi. Zinariyar Jado da Cibarakaten, tun daga 2014, ta yi wa wasu arziki, ta kuma cinye jarin da yawa daga cikin waɗanda suka sayi injin neman ƙarfe suka aika da yara. Wanda ke bin wannan hanya da kuɗin da zai iya kashe bashin kashi 12, ya sani cewa da kuɗin banki yake gwada sa'arsa.

Hauhawar farashi ba ta sauya wannan jeri. A 2024 kaya sun tashi da kusan kashi 9 a Nijar, mai asusun kashi 3.5 ya yi asara yana ganin kamar ya ci riba. Akan ce tsadar kaya tana taimakon mai bashi domin yana biya da kuɗin da ya rage daraja, amma hakan sai in albashinsa ya tashi tare da farashi. Wanda albashinsa ya tsaya cik, jaka 79 ɗin nauyi ta ƙara masa.

Duk wannan lissafi na wata na 12 ne. A kai shi wata na 42, saura biya shida. Uwar kuɗin da ta rage 457,900 ce, ruwan da ya rage gaba ɗaya jaka 16 da ƴan kai. Tarar kashi 3 ta kusa jaka 14. Abin da zai tsira da shi bai kai sefa 2,500 ba, alhali in ya bar kuɗin a asusun ajiya ana cira daga ciki zai samu fiye da haka. Mutane da yawa sai a wannan gaɓa zuciyarsu ke tashi su ce bari a gama da shi a huta. Hutun gaskiya ne, amma ba riba ba ce.

Akwai kuma kuɗin da ba sa dawowa. A yarjejeniya ana rubuta wani adadi da ake kira TEG, wanda ya haɗa ruwa da kuɗin buɗe takardu da sauran caji, kuma shi doka take aunawa. A 2014 iyakarsa kashi 15 ce ga bankuna, kashi 24 ga ƙananan cibiyoyin ba da bashi. Yana da amfani ranar da ake zaɓen inda za a ci bashi. Ranar biya kafin lokaci kuwa yana iya ruɗin mutum, domin kuɗin takardu an biya shi tun farko, ya tafi, inshorar da aka karɓa dunƙule ma sau da yawa haka. Abin da za a tsira da shi shi ne jimillar layin ruwa da haraji na watannin da suka rage, ba wani abu ba.

Bashin babur ko firji ko na ƙaramar cibiya yana da nasa tarko. A ce babur na jaka 600, aka ce kashi 12, a biya a wata 12. Sai a lissafa jaka 72 a kan dukan kuɗin, a haɗa 672,000, a raba gida goma sha biyu, jaka 56 duk wata. Sunansa kashi 12, kamar na banki. Amma a wata na goma sha ɗaya mai babur yana biyan ruwa kamar har yanzu jaka 600 ake binsa, alhali ya kusa gamawa. In aka auna shi da ma'aunin banki, ruwan ya kai kusan kashi 21.5. Mai bashi biyu, wannan ya kamata ya fara kashewa, in har za a yafe masa ruwan watannin da suka rage. Tambayar ke nan da zai yi kafin ya ciro kuɗi: Alhaji, in na biya duka yau, nawa za a rage mini? In amsar ita ce babu ragi, to biyan gaggawa kyauta ce ga mai kaya. Gara ya ajiye kuɗin ya riƙa biya a kan lokaci.

Tambayar ta shafi wanda ya bi ta bankin Musulunci. A cinikin murabaha, irin wanda Banque Islamique du Niger ke yi, banki ne ke sayen kayan ya sayar da ƙarin riba sananniya, kuma farashin ya tsaya tun ranar ƙulla ciniki. Babu ruwan da ke hawa da wata, don haka babu wanda zai faɗi da kansa in an biya da wuri. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta halatta a rage wa mai bashi don ya gaggauta biya, matuƙar ba a sharɗanta haka tun farko ba. Ragin ke nan yana hannun banki, sai an nema, kuma a nemi a rubuta. Ga wanda ya ci bashin ruwa bisa larura, zuciyarsa ba ta kwanta da shi ba, asusun kashi 3.5 da takardun gwamnati duk ba sa cikin zaɓinsa, saura kasuwa ko biya. Shi lissafi da damuwarsa wuri ɗaya suka nuna.

Da a Yamai makanikin yake, yana cin albashin gwamnati, da magana ta ƙare a nan. Amma a garuruwan uraniyum akwai abin da tablo ba ya nunawa. Ranar 31 ga Maris 2021 COMINAK ta rufe ramin Akuta bayan fiye da shekara arba'in tana haƙa. Ma'aikata kusan 600 suka bar aiki, ban da ɗaruruwan ƴan kwangila da ba su samu sallama irin ta ma'aikatan kamfani ba. SONICHAR ta rasa ɗaya daga manyan masu sayen wutarta. Tun 2023 hanyar Kwatano ta toshe, uraniyum ɗin SOMAÏR ya taru babu mafita, gardama da kamfanin Orano na Faransa ta yi tsami har gwamnati ta karɓe SOMAÏR a watan Yuni na 2025. Mutumin da ke ƙarshen wannan sarƙa bai kamata ya yi lissafi kamar albashin wata 36 yana cikin aljihunsa ba.

Kuɗin da aka zuba a bashi ba ya dawowa. In albashi ya makara wata biyu, banki ba zai ce ai ka ba mu miliyan a bara ba. Zai nemi jaka 79 ɗinsa, ya ɗora tarar jinkiri, kuma in aiki ya ƙare yakan fara cire nasa daga kuɗin sallama tunda ta asusunsa za su biyo. Wanda ya kwashe duk abin da ya mallaka ya zuba, ranar da yaro ya kwanta asibiti a Agadas sai ya koma neman bashin kashi 24 don ya tsira da na kashi 12.

Saboda haka a raba miliyan ɗin. A ce jaka 400 za ta riƙe gidansa da biyan banki na wata uku. Ya ajiye ta, ya zuba jaka 600, a yanke watanni. Bashin zai ƙare a wata 26 maimakon 36, ya tsira da ruwan kusan jaka 219, a cire tarar jaka 18, saura kusan jaka 201. Ya rasa kusan jaka 90 idan aka gwada da zuba miliyan duka, amma jaka 400 ɗin ta samo kusan jaka 43 a ajiya. Gibin jaka 47 ne a shekara uku, kusan sefa 1,300 a wata. Da wannan ɗan kuɗi ya sayi wata uku na kwanciyar hankali. Wanda kuma ya ji ƙishin-ƙishin ɗin rage ma'aikata, ko ɗan kwangila ne, shi rage abin cirewa ya fi masa ko da ribar ta fi ƙanƙanta, domin jaka 46 ta fi jaka 79 sauƙin nema ranar da babu albashi.

Inda za a ajiye jaka 400 ɗin ma abin dubawa ne. Asusun lamunin ajiya na yankin yana tsaya wa mai ajiya har 1,400,000 in banki ya durƙushe, amma a ƙaramar cibiya jaka 300 kawai. Kuma waɗanda suka yi layi a ƙofar bankuna bayan Yulin 2023, lokacin da aka taƙaita abin da mutum zai iya cira, sun san kuɗi a asusu ba kullum ne kuɗi a hannu ba. Wani kaso a gida ba wauta ba ce.

Saura inshora. Yawancin bashin albashi yana tafe da inshorar mutuwa da nakasa, wadda ke biyan abin da ya rage in mai bashi ya rasu. Rai na hannun Allah, amma dattijon da ya kusa ritaya, wanda shekarun ƙura suka taɓa masa ƙirji, ya kamata ya karanta wannan sashe. In inshorar ta rufe shi da gaske, miliyan ɗin da ya zuba a bashi ya sauƙaƙa wa kamfanin inshora ne, wadda ya ajiye kuwa ta magada ce.

Hukuncin makanikin mai lafiya, a wata na 12, da ruwan kashi 12 da tarar kashi 3, bai da ruɗani: ya riƙe na wata uku, ya zuba sauran a kan uwar kuɗi, a yanke watanni. Ya rubuta buƙatarsa a takarda, ya faɗi cewa kuɗin na rage uwar bashi ne, domin in ya zuba shi a asusu kawai zai zauna nan ana cirar jaka 79 daga ciki, ruwa bai ragu da tamma ɗaya ba. Kada kuma ya bar banki sai an ba shi sabon tablo mai hatimi, wanda layinsa na farko ya nuna 1,778,500.